Yankin Takarda na Goma Sha Biyu

A asibitinmu Anti Sa-hannu ake ce mini, kuma ban taɓa jin haushin sunan ba. Shekara goma sha bakwai ina ɗakin kati, tara daga ciki ni ce shugaba. Duk wanda aka ɗauka aiki, in dai hannunsa zai taɓa fayil ɗin marar lafiya, ko da mai shara ne da ke goge kanta, sai ya zauna gabana na karanta masa takardar alƙawarin riƙe sirri. Ba na miƙa wa mutum ita in ce ya karanta da kansa, don na san halin mutane, idonsu ƙasan shafi yake zarcewa wurin sa hannu. Da bakina nake karantawa, sharaɗi bayan sharaɗi, ina kallon fuskarsa.

Ba za ka buɗe fayil ɗin da aikinka bai kai ka gare shi ba. Ba za ka faɗa wa kowa abin da ka gani ba, ko matarka ce, ko mahaifiyarka, ko da cewa wane ya zo asibiti ne kawai. Ba za ka ɗauki hoto da waya ba, ba za ka ba abokin aiki lambar sirrinka ta kwamfuta ba. Ba za ka fitar da takarda mai bayanin marar lafiya daga ɗakin ba, wadda ta lalace kuwa injin yayyanka takarda ne makomarta. Na shida shi ne wanda nake ɗaga wa murya: in sirri ya fita, ko kana zargin ya fita, da hannunka ko da na wani, ka sanar da Manaja cikin awa ashirin da huɗu. Daga nan sai hukunci, gargaɗi a rubuce, ko dakatarwa, ko kora, kuma wanda aka tona wa asiri yana iya kai ƙara kotu. Alƙawarin ba ya ƙarewa da barin aiki. Mutum ya sa hannu, in sa nawa a matsayin shaida, kwafi ɗaya a fayil ɗinsa, ɗaya ya tafi da shi.

Kuma ba karatu kawai nake yi ba. Shekara huɗu da suka wuce ni na kai rahoton Doguwa, wadda muke cin abincin rana a kwano ɗaya, saboda ta faɗa wa mijinta cewa maƙwabciyarsu ta zo awon ciki. Maganar ta zaga ta dawo, aka kore ta. Ranar da za ta tafi ta tsaya bakin ƙofa ta ce, “Allah ya sa ke kada ki taɓa yin kuskure.” Na ce amin, ban ko ɗaga kai daga aikina ba.

To ga yadda nawa ya zo.

Gefen firinta muna da kwali biyu. Ja na takardun da za a yayyanka ne, ruwan ƙasa kuma na tsofaffin fom ne da aka daina amfani da su, waɗanda ba a rubuta komai a kansu ba, muna juya bayansu mu yi ’yan rubuce-rubuce. Yayata tela ce, shagonta na bakin layinmu. Kowane ɗinki takan rubuta awonsa a ’yar takarda ta maƙala da fil a jikin yadin, in an gama ta jefa takardar cikin leda tare da kayan, wai don mai kaya ta dawo da awonta gaba. Tun da daɗewa nakan ɗebo mata daga kwalin ruwan ƙasa. Na gamsar da kaina cewa fom da babu suna ba bayanin kowa ba ne, kuma gaskiya ne, sai dai da nakan duba su ɗaya bayan ɗaya, daga baya na koma ɗiba kawai in cusa a jaka.

Ranar Lahadi da hantsi na leƙa shagon in karɓi rigata. Yaya tana kan keke, tef ɗin awo a wuya, fil uku a baki. Ta nuna mini ledar da kai. Na zaro rigar, takardar awon ta faɗo ƙasa a kife. Na sunkuya zan ɗauka, sai na ga layuka da lambobi, da wani baƙin zane da ya ratsa su daga sama zuwa ƙasa.

Na san zanen nan. Ranar Alhamis firinta ta yi ta ɓata mini jadawalin masu ganin likita na Laraba mai zuwa, sau uku tana fitar da shi da wannan zane, sai a na huɗu ya fito daidai. Layi ya kai ƙofa, waya na ƙara, na kife ɓatattun ukun na tura su kwali ba tare da na kalli launinsa ba. Jadawalin kuwa na masu ganin likitan ƙwaƙwalwa ne.

 Na zauna kan buhun ƙyallaye.

“Auta, lafiya? Ɗinkin ne bai yi ba?” in ji Yaya.

“Takardun da na kawo miki ranar Alhamis, ina suke?”

“Na yanka su mana. Ga su can cikin gwangwani.”

Na juye gwangwanin a kan teburin yanka. Kowace takarda gida huɗu Yaya take raba ta, uku sau huɗu goma sha biyu ke nan. Na ware na jadawalin, na samu shida. Na bi yadukan da ke rataye ina juya takardunsu, na samu guda. Da na rigata, takwas. Na jera su a kan teburin kamar mai haɗa fasasshen faranti, don in ga waɗanda suka ɓace.

Yankunan dama ba su da suna, lambar kati ce da lokaci da ɗakin likita. Na ƙasa ta hagu suna da sunaye amma babu abin da ya nuna na mene ne, kuma ukun duka suna gabana. Masifar tana yankin sama ta hagu, inda sunan asibiti da kan jadawalin suke da manyan baƙaƙe, sunaye shida na biye. Biyu na gani. Na ukun yana cikin huɗun da suka fita.

Suna na farko a jerin na san mai shi. Malamar firamare ce. In kuna so ku ɗauka ko sana’ar canza ta na yi, don har yau ina ƙarƙashin abin da na sa wa hannu. Kullum ita ke karɓar lokacin farko, ta zo kafin mutane, ta zauna ta ba ƙofa baya. Ranar da na buɗe mata kati ta riƙe bakin kantar ɗakin kati da hannu biyu ta tambaye ni a hankali, “Babu mai ganin wannan, ko?” Na juya na nuna mata kwafin alƙawarin da ke manne a bango. Na ce, “Kin ga wannan? Ni nake sa mutane su sa hannu a kai. Ki kwantar da hankalinki.” Har da murmushina na faɗa.

Na yi wa Yaya bayani iya abin da ya halatta, cewa takardun aiki ne da bai kamata su fita ba, kuma kada ta karanta. Ta tofar da fil ɗin a tafin hannu.

“To mene ne abin tashin hankali? Kawo ashana mu ƙone waɗannan. Sauran huɗun wa zai juya bayansu? Mata awonsu suke dubawa, shi ma don su yi mini gardama cewa ƙugunsu bai kai haka ba.”

“Sai na sanar da Manaja.”

“Ki sanar da wa? Ke da bakinki? Auta, kina da hankali kuwa? Yara uku, miji ya yi ritaya, ki ɗauki ƙafa ki kai kanki? Wa ya gani? Ni kaɗai ce, ni kuma ko gilashina ban sa ba.”

Ba zan yi ƙarya ba, maganarta ta shige ni. Na zauna ina kallon kwalin ashanar da ta ajiye kusa da dutsen guga, ina lissafin shekara huɗun da suka rage mini in yi ritaya da mutuncina. Tsoro na ji. Amma duk inda na juya tunanin sai in ga hannayen matar nan biyu a bakin kantar. In wani ya karanta, ita za ta zama ta ƙarshen sani, tana tsaye gaban allo ana nuna ta da baki. Sannan ga Doguwa. In na ƙone takardun nan, to ba don doka na sa aka kore ta ba ke nan, don dai ba ni ba ce.

“Ba ni littafin masu ɗinki,” na ce.

“Wallahi taurin kan Baba kika ɗauko, ba ki bar mana ko kaɗan ba.”

Ta dai miƙo littafin. Kafin in buɗe na fita bayan shago na kira Manaja. Ƙarfe goma sha ɗaya da kwata, na duba agogo don na san za a tambaya. Na faɗa masa komai a jere, me ya fita, ta yaya, guda nawa, da hannun wa. 

“Anti, ke?” ya ce.

“Ni, ranka ya daɗe.”

Ya ja numfashi. Ya ce in tattara waɗanda na samu a ambulan, kada in ƙone ko ɗaya domin su ne shaida. Ya ce in bi sauran yanzu tunda ni ce kusa, in rubuta gidan da na je da lokaci da abin da aka ce, kuma kada in tattauna abin da ke jiki da kowa. Gobe ƙarfe takwas in same shi da rahoto a rubuce.

Daga Alhamis da yamma zuwa Asabar mutum tara suka karɓi ɗinki. Yaya ta kashe keke, ta rufe shago tana mita, ta ce ba za ta bari in shiga gidajen kwastomominta da wannan fuskar ba, sai su zaci rasuwa aka yi. Ita ta riƙa sallama, ita ta riƙa cewa, “Takardar awon nan ta ofishin ƙanwata ce, an haɗo da ita bisa kuskure, a taimaka a ba mu, zan rubuto wata.”

Gida na farko da na biyu tsofaffin fom ne. A na uku muka samu yankin dama, ko buɗe ledar ba a yi ba. Wata ma’aikaciyar banki ta ce ta zubar, na ce ina kwandon, ta kalle ni sama da ƙasa ta nuna. Na naɗe hannun riga na tona cikin ɓawon lemo da ganyen shayi har na ciro shi, jiƙe amma ana gane shi, shi ma na dama ne. Yanki na goma sha ɗaya wata tsohuwa ce ta ninke shi ta tokare ƙafar tebur da shi. Rana ta take, takalmina ya ci mini dunduniya, Yaya ta daina mita ta koma yi mini addu’a ƙasa-ƙasa.

Gida na tara na Maman ’yan biyu ne. Tun daga ƙofa Yaya ta rage murya ta ce, “Wannan fa rediyo ce, ba ta da maɓallin kashewa.”

Ta karɓe mu da fara’a, ta kawo ruwa. Rigunan makarantar ’yan biyun suna shanye a igiya, na kalli tambarin da ke aljihun. Makarantar da Malama ke koyarwa ce. Yaya ta fara bayaninta, ba ta kai ƙarshe ba matar ta tafa hannu.

“Af, takardar asibitin nan? Ai na ajiye ta. Dama ina son in tambaya.” Ta shiga ɗaki ta fito da ita, ta miƙo amma ba ta saki ba. “Ke ce ke aiki can, ko? Don Allah wannan ta saman, malamar su Hassana ce? Suna ɗaya ne har na uba.”

“Ba zan iya magana a kan abin da ke jiki ba,” na ce.

“Haba, tsakaninmu ne. Ni fa uwa ce, yarana ke hannunta daga safe har azahar. In tana da taɓin hankali ai ya kamata mu sani.”

Abubuwa da yawa suka zo mini baki. Na so in ce mata rabin masu zuwa ganin likitan nan rashin barci ne da damuwa ke kawo su, kuma sun fi masu zama gida suna yanka mutane lafiya. Amma ko wannan na faɗa, na tabbatar mata ke nan. Na haɗiye.

“Maman ’yan biyu, takardar nan ba taki ba ce, ba tawa ba ce. Kuskurena ne ya kawo ta gidanki, kuma na riga na kai kaina. Abin da nake roƙo ki ba ni, ki kuma faɗa mini gaskiya ko wani ya gani.”

Ta saki. Ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta kalli gefe.

“Ni dai ƙawata ɗaya na tura wa hoton jiya. Ita ma ’yarta na ajin. Ba ta da surutu.”

Na sa ta goge hoton a gabana, ta kira ƙawar ta ce ta goge. Ƙawar ta ce ta goge, da wata irin murya da ta nuna mini an makara. Na rubuta lokacin a takardata, uku saura minti goma. A hanya na sake kiran Manaja na ce masa kada a jira gobe, akwai mutum ɗaya da ya kamata ta sani yau.

Ba ni aka bari na kira Malama ba, kuma daidai ne. Likitanta ne ya kira ta da yammacin nan. Sauran biyar ɗin aka kira su washegari, aka bi su da wasiƙa mai bayanin abin da ya fita da abin da aka yi da kuma inda za su kai koke in suna so.

Litinin da safe na ajiye ambulan da rahoto shafi biyu a teburin Manaja. Ya zazzage yankunan ya ƙirga, goma sha biyu. Mai kula da kwamfutoci ya duba ya tabbatar sau huɗu aka buga jadawalin daga lambata. Manaja ya shigar da abin a rajistar ɓallewar sirri, rajistar da ni na ja mata layi da hannuna, ya ce asibiti zai sanar da hukumar da ke sa ido kan irin wannan. Sannan ya buɗe fayil ɗina ya zaro takardar alƙawarin da na sabunta a farkon shekara, ya ajiye ta tsakaninmu.

“Sai na karanta miki?” ya tambaya.

“Na biyar na karya, ranka ya daɗe. Na shida na cika.”

Ya karɓi makullan ɗakin kati, aka rufe lambata ta kwamfuta, aka ce in zauna gida har kwamitin ladabtarwa ya zauna. Da na fito, ma’aikatan da na karanta wa takardar nan ɗaya bayan ɗaya duk suka duƙufa kan aiki, babu mai son haɗa ido da ni. Kwalin ruwan ƙasa an riga an ɗauke shi.

Kwana tara na yi a gida. Maigidana bai ce mini komai ba sai, “Kin ci abinci?” Yaya kuwa ta sayo littafin rubutu na ’yan makaranta tana yage shafi tana awo, kullum sai ta aiko a gaya mini tsadarsa.

Kwamitin mutum uku ne, da wakilin ƙungiyar ma’aikata a gefena. Ya yi ta ƙoƙari, ya ce laifin tsarin kwali biyu ne. Na ce tsarin yana da laifi, amma ni na ɗauka, ni na fitar, kuma na fi kowa sanin sharaɗin. Ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Shugabar kwamitin ta tambaye ni me ya bambanta ni da wadda aka kora shekara huɗu da suka wuce. Na ce ita da baki ta faɗa kuma ta musa, ni da sakaci na yi kuma na kawo kaina, amma ga wanda aka tona wa asiri ban ga bambanci ba. Suka yanke dakatarwar wata uku ba albashi, da gargaɗin ƙarshe a rubuce, da sauke ni daga shugabanci. In na dawo, sito zan koma, wurin zannuwan gado da sabulu, inda babu sunan kowa. Suka ce ba don na kai rahoto a kan lokaci ba, da kora ce.

Na yi kuka a banɗakin ma’aikata, ba zan ɓoye ba. Shekara goma sha bakwai na san kowace kanta a ɗakin nan da ido rufe.

Ina wanke fuska aka ce Manaja na nemana. Malama ce ta nemi a haɗa ta da wadda ta yi abin, kuma tana da wannan haƙƙin ta nema, ni kuma ina iya ƙi. Ban ƙi ba.

Tana zaune da jakarta a cinya, alli a gefen hannun rigarta. Na gaishe ta, ta amsa. Na ce ni ce, na faɗi yadda aka yi ba tare da na ambaci firinta ko layi ba, don ba su suka ɗauki takarda suka sa a jaka ba. Na ba ta haƙuri.

“Kin tuna abin da kika nuna mini a bango?” ta ce.

“Na tuna.”

“Ni ma.” Ta murza hannun jakar. “Shekara biyu ina ɓoye wa kowa, har ƙanwata da muke ɗaki ɗaya. Daren Lahadin nan ban runtsa ba. Da safe na ɗauki wasiƙar likita na shiga ofishin hedimasta kafin a buga ƙararrawa, na faɗa masa da bakina. Ƙarfe goma iyaye uku suka zo da waya a hannu. Ya ce musu ya sani, kuma aikina ba shi da aibu.” Ta ɗago ta dube ni. “Yara biyu an cire su daga ajina. In na wuce bakin get hira takan tsaya. Wannan ke kika jawo mini.”

“Ni ce.”

“Ban yafe ba tukuna. Ban san ranar ba. Amma da kin yi shiru, da a bakin get zan ji, a gaban yara.” Ta miƙe. “Abin da na zo faɗa ke nan.”

Manaja ya tambaye ta ko tana son a mayar da fayil ɗinta wani asibiti. Ta ce za ta yi tunani. Wannan kalmar ita ta bi ni gida, ta zauna da ni wata uku. Na san yadda masu irin jinyarta suke, in suka bar likitan da suka saba da shi, da yawa ba sa zuwa wani, maganin ma sai su ajiye. Kuma ba ni da hanyar sani. Ba ni da ikon tambayar kowa a ɗakin kati, su ma ba su da ikon faɗa mini, ni na koya musu hakan.

Cikin watannin nan na je gidan Doguwa. Tana sayar da kayan yara yanzu a ƙofar gida. Labari ya riga ni isa. Ta ba ni kujera, ta ce, “Amin ɗin naki bai karɓu ba ke nan.” Muka yi dariya wadda ba ta kai ciki ba. Ban ce na yi kuskuren kai rahotonta ba, don ban yi ba. Na ce mata dai ya kamata in ɗaga kai in dube ta ranar da za ta tafi.

Na koma aiki ranar wata Litinin. Kafin a ba ni makullin sito aka ce in je ɗakin kati in sabunta alƙawari, domin mai sito ma yana shiga ɗakunan marasa lafiya. Sabon shugaban, wanda ni na koya wa jera fayil, ya turo mini takardar yana jin nauyi, ya nuna wurin sa hannu.

“Karanta mini,” na ce.

“Haba Anti, ke da kika haddace?”

“Karanta. In ka zo na biyar ka rage sauri.”

Ya karanta. An ƙara layi ɗaya, cewa babu takardar da za ta fita daga ɗakin, mai rubutu ko marar rubutu. Na sa hannu, ya sa nasa a wurin shaida.

Sito yana ƙarshen baranda, kuma duk mai kai zannuwa ɗakunan sama sai ya wuce ta wurin jiran likitoci. Ranar Laraba ƙarfe bakwai da rabi na ɗauko zannuwa goma sha biyar a hannu, sun kai mini har haɓa. Na yi niyyar in wuce ban kalli kowa ba, ba aikina ba ne in san wanda ya zo. Amma benci ɗaya ne ke da mutum, kuma a kan hanyata yake.

Malama ce, tana zaune da katinta a hannu, tana duba littattafan yara da jan biro. Ta ɗago, muka haɗa ido. Ban gaishe ta ba, domin a wannan barandar ban san ta ba sai in ita ta so. Ta ɗan janye ƙafafunta don in samu hanya, ta mayar da kai kan littafin.

Na wuce na hau bene. Sai da na kai hawa na biyu na jingina da bango, na sa fuskata cikin zannuwan na daɗe a haka. Daga nan na gyara riƙo na kai su ɗakin mata, don ƙarfe takwas ake canza gado.